Yadda kamfani zai nemi farashin inshorar amanar ma'aikata masu riƙe kuɗi

Wani Alhaji mai kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano ya taɓa kirana ofishinsa, ya tura mini fom ɗin inshora mai shafi huɗu, ya ce: "Malam, ka cike mana wannan yadda za su yi mana sauƙi." Akantansa ya riga ya fara cikewa da fensir. Da na duba sai na ga ko'ina ya rubuta eh. Ana ƙirga kuɗi kullum? Eh. Ana kai su banki a ranar? Eh. Mai binciken kuɗi yana zuwa ba sanarwa? Eh. An taɓa yin asara ta hannun ma'aikaci? A nan kaɗai ya rubuta a'a. Na tambayi akantan yaushe rabon da wani ya je reshensu na Zariya ya ƙirga kuɗin da ke cikin akwati. Ya kalli Alhaji, ya ce: "Ranka ya daɗe, tun kafin azumi." Muna cikin watan Babbar Salla a lokacin.

Inshorar da suke nema ita ce wadda ake rubuta wa Fidelity Guarantee a saman fom, mu kuma muke ce mata inshorar amanar ma'aikata. Tana biyan kamfani kuɗi ko kayan da ma'aikacinsa ya yi sama da faɗi da su ta hanyar sata ko zamba ko jabun takarda. Abin da ya bambanta ta da inshorar mota ko ta gobara shi ne kamfanin inshora ba ya da abin da zai zo ya gani da ido. Ba zai iya duba zuciyar kashiya ba. Abin da yake da shi kawai shi ne bayanin da ka ba shi a kan mutanenka da yadda kake tsare dukiyarka da abin da ya taɓa faruwa. A kan wannan bayanin zai yanka farashi, kuma shi zai ciro ranar da ka zo neman diyya ya gwada da abin da ya faru a zahiri. Saboda haka fom ɗin da aka cike da fensirin son rai yana iya sama maka farashi mai rahusa, amma takardar da ka saya da shi ba za ta biya ka ba.

Zan bi matakan da misalin kamfani irin na Alhaji. Alƙaluman misali ne don lissafi ya fito, kowa ya sa nasa.

Ka fara tabbatar da cewa ita kake nema

Mutane da yawa suna haɗa ta da inshorar kuɗi, wato wadda ke biya idan 'yan fashi suka tare ma'aikaci a hanyar banki ko ɓarayi suka fasa akwatin ƙarfe da dare. Abu biyu ne daban. Inshorar kuɗi ta ɓarawon waje ce, kuma yawanci tana cire satar ma'aikaci ko ta taƙaita ta ƙwarai. Ta amana kuwa ta ɓarawon cikin gida ce. Idan direbanka ya dawo ya ce an yi masa fashi, daga baya aka gano shi ya kitsa abin, maganar ta tashi daga waccan ta dawo wannan. Kamfanin da ke juya tsabar kuɗi kullum gara ya nemi farashin duka biyun a wuri guda, don kada ranar asara kamfanonin inshora biyu su riƙa tura shi wa juna.

Ka kuma san abin da ba ta biya. Giɓin da aka gani wajen ƙirgar kaya a sito ba tare da an iya danganta shi da rashin gaskiyar wani ma'aikaci ba, ba a biyansa. Kuskuren lissafi da sakaci ba sata ba ne. Ribar da ka rasa saboda kuɗin sun tafi ba ta ciki. Masu kamfanin da abokan tarayya su ma yawanci ba a ɗauke su ma'aikata ba.

Ƙirga mutanen

Alhaji yana da ma'aikata 58. Da farko ya ce a sa kashiyoyi uku kawai, tunda su ne masu riƙe kuɗi. Sai muka ɗauki takarda muka bi naira ɗaya daga hannun mai shago a kasuwa har ta shiga asusun kamfani, muna rubuta duk hannun da ta ratsa. Muka sake bin katan ɗaya na kaya daga ranar da tirela ta sauke shi har ya fita. Da muka gama sai ga mutum 23: kashiyoyi 3, masu fita da mota suna sayarwa suna karɓar kuɗi 10, masu kula da sito 4, akanta da mataimakinsa, manajojin rassa 2, da direbobi 2 da ake aikawa banki.

Akantan ya yi mamakin ganin sunansa, ya ce shi ai ko kwabo ba ya taɓawa. Gaskiya ne, amma shi ke shirya takardar albashi, shi ke shigar da lambar asusun masu kawo kaya, kuma wayarsa ce ke karɓar lambar sirrin da banki ke turowa kafin a yi tiransifa. Wanda zai iya ƙara suna ɗaya a takardar albashi ya fi kashiya damar ɓarna, domin kashiya abin da ke cikin aljihun tebur kaɗai yake iya ɗauka.

Daga nan sai tambayar da ke ba mutane wahala daga baya: wane ne ma'aikaci a idon takardar inshora? Yawancin takardun suna nufin wanda ke da yarjejeniyar aiki da kai. A kasuwanninmu kuwa akwai ɗan yaya da ke zaune a kan kuɗi ba takardar ɗauka aiki, akwai yaron shago da ake sallama da kuɗin mako, akwai mai sayarwa da ake biya la'ada, akwai masu gadi da wani kamfani ya turo. Duk wanda yake cikin irin wannan rukuni kuma hannunsa yana kai wa ga kuɗi ko kaya, ka ambace shi daban a takardar neman farashi, ka nemi a rubuta maka ko yana ciki ko ba ya ciki. Uku daga cikin masu motar Alhaji 'yan la'ada ne. Da ba a faɗa ba, da ya biya kuɗin mutum goma alhali bakwai kaɗai inshorar ta sani.

Bayan ƙirga sai ka zaɓi yadda za a jera su. Ana iya yi da sunaye, kowa da adadinsa. Wannan ya dace da ƙaramin ofis da mutane ba sa canjawa, amma aibinsa shi ne duk wanda aka ɗauka aka manta ba a aika sunansa ba, ba ya ciki. Ana iya yi da muƙamai, a ce kashiya uku, manajan reshe biyu, ko wane ne ke kan kujerar. Ana iya sa adadin kuɗi guda ya rufe rukunin gaba ɗaya, ko wane ne a cikinsu ya yi ɓarnar. Ana kuma iya rufe dukan ma'aikata ba suna ba muƙami. Ga kamfanin da masu motarsa ke shiga suna fita kowace shekara, ni na fi son na muƙamai ko na dukan ma'aikata, ko da ya ɗan fi tsada, domin na san babu wanda zai tuna ya rubuta wa kamfanin inshora wasiƙa ranar da aka ɗauki sabon yaro.

Nawa za ka nema a kan kowa

A nan ne akasari ake kuskure, domin mutum yakan duba kuɗin da ma'aikaci ke riƙewa a wuni ɗaya ya tsaya. Satar ma'aikaci ba kasafai take zama ta wuni ɗaya ba. Kaɗan-kaɗan ake yinta har ranar da wani ya duba. Don haka tambayar biyu ce: nawa zai iya cirewa ba a lura ba, kuma kwana nawa za a yi kafin wani wanda ba shi ba ya duba.

Ɗauki manajan reshen Zariya. A ce zai iya rage naira dubu 200 kullum daga cinikin reshe ya rufe da rasit ɗin bashi na ƙarya. Idan sai bayan wata uku ake zuwa daga Kano a bincika, kwanakin aiki wajen 78 ke nan in ana aiki kwana shida a mako, wato naira miliyan 15 da dubu 600. Idan kowane wata ake zuwa, kwana 26 ne, wato miliyan 5 da dubu 200. Mutum ɗaya, kujera ɗaya, amma tazarar bincike ta ninka haɗarin sau uku. Da Alhaji ya ga wannan lissafin a takarda sai ya daina maganar farashi na ɗan lokaci, ya tambayi nawa ne kuɗin motar zuwa Zariya.

Kashiyar babban ofis lissafinsa daban ne. Ana ƙirga kuɗinsa kullum da yamma, don haka ba shi da damar tsakura a hankali. Haɗarinsa shi ne ya kwashe gaba ɗaya ya ɓace, kuma mafi yawan abin da ke taruwa a hannunsa shi ne cinikin yammacin Juma'a da na Asabar da ke kwana a akwati har Litinin. Wannan jimlar za ka rubuta, kuma ta lokacin da kasuwa ta fi ci, kamar makon da za a shiga azumi. Matsakaicin shekara ba zai yi maka amfani ba.

Sai ka lura da iyaka biyu da za a rubuta maka: iyakar abin da za a biya a kan ma'aikaci ɗaya, da iyakar abin da za a biya a shekarar gaba ɗaya. Ka tambayi yadda ake lissafi idan mutum biyu ko uku suka haɗa baki, domin wasu takardun suna ɗaukar hakan a matsayin asara guda mai iyaka guda. A kamfanin rarraba kaya kuwa babbar ɓarna takan zo ne ta haɗin bakin mai sito da mai mota.

Bayanin yadda kake tsare kuɗi

Wannan shi ne zuciyar fom ɗin, kuma a nan zan daɗe.

A yawancin takardun, fom ɗin da ka sa wa hannu yana zama tushen yarjejeniyar, kuma akwai sharaɗin cewa za ka ci gaba da bin tsarin bincike da sa ido da ka bayyana. Idan ka rubuta cewa ana kai kuɗi banki kullum, sai aka yi asara, mai tantance asarar da kamfanin inshora zai turo zai nemi telolin banki na watannin da abin ya faru. Idan ya ga Litinin da Alhamis kaɗai ake kaiwa, ka ba shi hujjar ƙin biya da hannunka. Da ka rubuta Litinin da Alhamis tun farko, da ko dai sun ƙara farashi kaɗan ko sun ce ka gyara, amma da babu abin da za su kama ka da shi.

Saboda haka kada akanta ya cike wannan sashen shi kaɗai a ofis. Ka zauna da kashiya da mai sito da ɗaya daga masu mota, ka tambaye su yadda suka yi jiya, ka ga takardar jiyan da idonka. Ga kowace amsa ka rubuta abu uku: wa ke yi, sau nawa, kuma wace takarda ce ke nuna an yi. Amsar da ba ta da takarda a bayanta, ka ɗauka ba a yinta.

Tambayoyin da za ka tarar kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Za su so su san ko mai karɓar kuɗi shi ne kuma mai rubuta su a littafi. A ofishin Alhaji kashiya ke karɓa, mataimakin akanta ke shigarwa, wannan ya yi daidai. Amma a rassa manaja ne ke karɓa, shi ke rubutawa, shi ke kai wa banki, shi ke aiko da rahoto. Haka muka rubuta. Za su tambayi littattafan rasit, ko suna da lambobi a jere, wa ke riƙe da waɗanda ba a fara amfani da su ba, kuma ko ana duba cewa babu shafin da ya ɓace. Za su tambayi wa ke gwada littafin kuɗi da takardar bayanin asusu ta banki, da ko mutumin yana cikin masu taɓa kuɗin. Za su tambayi hannu nawa ake buƙata kafin kuɗi su fita daga asusu.

Wannan ta ƙarshe ta fi ƙarfin cak yanzu. Kamfani yana iya cewa cak ɗinsa sai da hannu biyu, alhali kusan duk biyan da yake yi ta manhajar banki ake yi, kuma mutum ɗaya ke da duka makullan. Ka bayyana wa ke shirya tiransifa, wa ke amincewa da ita, da ko ana iya canja lambar asusun mai kawo kaya ba tare da mutum na biyu ya gani ba. Haka nan na'urar POS da masu mota ke yawo da ita: ka faɗi asusun da take zubawa, ka kuma faɗi ko an yarda abokin ciniki ya tura kuɗi asusun ma'aikaci na kansa. A wurin Alhaji ana yin haka duk ranar da na'ura ta ƙi aiki, sai yaron ya turo da yamma. Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai sai da aka zo rubutawa.

Sai maganar bashi, wadda ita ce ƙofar da aka fi shiga a harkar rarraba kaya. Mai mota ya karɓi naira dubu 300 daga mai shago na farko ya riƙe. Mako mai zuwa ya karɓi na mai shago na biyu ya zuba a sunan na farko, na uku ya rufe na biyu, haka dai ramin yana girma, littafi kuma kullum yana nuna kowa yana biya, sai dai a makare. Ƙirgar kuɗin yamma ba ta kama wannan, domin abin da ya kawo ya yi daidai da rasit ɗin da ya nuna. Abin da ke kama shi shi ne wani daga ofis ya tuntuɓi masu shagunan kai tsaye, ya ce littafinmu ya nuna ana bin ka kaza, haka ne? Fom zai tambayi ko ana yin haka da kuma sau nawa. Alamar da ake fara gani ita ce abokan cinikin mai mota ɗaya duk sun fara jinkirin biya tare, shi kuma ba ya son a canja masa hanya, ba ya son tafiya hutu. Shi ya sa za ka ga tambaya a kan ko ana tilasta wa masu riƙe kuɗi hutun shekara, wani ya zauna a kujerarsu. Ma'aikacin da ya shekara huɗu bai taɓa hutu ba, mai gida yana yabonsa da ƙwazo, mai inshora kuwa yana sa masa alamar tambaya.

Akwai kuma yadda ake ɗaukar mutane aiki. Mu mun saba da mai tsaya wa mutum: kawu ko limamin unguwa ko wani dattijon kasuwa ya ce yaron nan na san shi. Wannan yana da amfani, amma abin da fom ke tambaya shi ne shaidar wuraren da ya yi aiki a baya, a rubuce, wadda kai ka nema daga gare su kai tsaye. Wasu takardun suna mai da wannan sharaɗi, su faɗi shekara nawa baya za a bincika. Idan ba ka yi wa tsofaffin ma'aikatanka haka ba, ka faɗa, ka nemi a rubuta cewa sharaɗin ya shafi waɗanda za a ɗauka nan gaba ne kawai. Mutumin da ya shekara goma tare da kai ba wanda zai iya nemo masa wasiƙa daga shagon da ya rufe tuntuni.

Idan akwai gyaran da kake niyyar yi, ka rubuta shi a matsayin niyya, da ranar farawa. Mun rubuta cewa a halin yanzu ana binciken rassa duk wata uku, kuma daga farkon wata mai zuwa mataimakin akanta zai riƙa zuwa kowane wata ba sanarwa, yana sa hannu a littafin ƙirga. Daga ranar da ka rubuta haka kuwa ya zama alkawari, sai ka tabbata littafin yana cika.

Asarar da aka taɓa yi

Da muka iso nan Alhaji ya ce babu. Na ce ko sau ɗaya, a shekara biyar? Ya ce: "To, akwai wani yaro, amma ai an sasanta, iyayensa sun zo." Abin da ya faru shi ne shekara uku da suka wuce wani mai mota ya cinye naira miliyan 3 da dubu 400 ta hanyar juya bashin nan da na bayyana, cikin wata huɗu. Danginsa suka harhaɗa miliyan 1 da dubu 100, aka yafe sauran, ba a je wurin 'yan sanda ba. A wurin Alhaji magana ta mutu. A wurin mai inshora asara ce ta miliyan 3 da dubu 400 da aka ƙwato wani ɓangare nata, kuma dole a faɗe ta, ko da lokacin babu inshora, ko da ba a nemi diyya ba. Inshora tana tafiya ne a kan ƙa'idar cewa duk abin da zai iya canja shawarar mai yanka farashi sai ka bayyana shi.

Yadda ake rubuta ta a taƙaice ne: lokacin da aka fara da lokacin da aka gano, muƙamin wanda ya yi, hanyar da ya bi, jimlar kuɗin, abin da aka ƙwato, yadda aka gano, abin da aka yi masa, da abin da aka canja don kada a maimaita. Wannan na ƙarshen shi mai inshora ya fi karantawa. Asarar da aka biyo ta da gyara tana nuna kamfani ya farka. Asarar da bayanta komai yana nan yadda yake tana nuna ƙofar har yanzu a buɗe take.

Sai da muka kusa tashi akantan ya ce a hankali: "Ranka ya daɗe, har da maganar kashiyan nan?" Ashe ɗaya daga kashiyoyi ukun ya taɓa ɗaukar naira dubu 480 lokacin rashin lafiyar mahaifiyarsa, ya amsa laifinsa, ana cirewa daga albashinsa, kuma yana nan a kan kujerarsa. Ba ni da ta cewa a kan rangwamen da Alhaji ya yi masa, halin kirki ne. Amma ga dokar takardar: da zarar mai gida ya san ma'aikaci ya taɓa yin rashin gaskiya, inshorar ba ta rufe abin da wannan ma'aikacin zai yi bayan nan. Idan aka ɓoye, aka biya kuɗi a kansa, ya sake yi, ba za a biya ba, kuma ɓoyewar tana iya ba kamfanin inshora damar soke takardar gaba ɗaya har da ta sauran mutum 22. Zaɓi biyu ne: a bayyana a bar kamfanin inshora ya yanke ko zai karɓe shi, wanda da wuya, ko a mai da shi aikin da ba ya taɓa kuɗi. Alhaji ya mai da shi sashen lodin motoci.

Idan ka taɓa yin irin wannan inshorar a wani kamfani, ka faɗi sunansa da shekarun, da ko an taɓa ƙin karɓarka ko soke maka ko ƙara maka sharaɗi.

Haɗa takardun da aikawa

Ban da fom, ka haɗa da gajeriyar wasiƙa mai bayanin sana'arka, lambar rajistar kamfani ta CAC, adireshin kowane reshe da sito, cinikin shekara da kason da ke shigowa a tsabar kuɗi, jadawalin muƙamai da adadin mutane da iyakar da kake nema wa kowa, bayanin tsaron kuɗi, da bayanin asara. Ka sa sunan kamfanin da ke binciken asusunka na shekara da ranar binciken ƙarshe. Mai kamfani ko darakta ne ya kamata ya sa hannu, bayan ya karanta. Bai dace wanda ake neman inshora a kansa ya zama shi kaɗai ya cike ya kuma sa hannu ba.

Kana iya zuwa kamfanin inshora kai tsaye ko ka bi ta dillalin inshora mai rajista, wanda la'adarsa daga kamfanin inshora take fitowa. Ko ta ina ka bi, ka duba cewa suna da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya. Wanda ba ya son inshorar da aka saba saboda dalilin addini yana iya neman farashi daga kamfanonin takaful, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, ya tambaye su ko suna yin wannan nau'in. Bayanin da za su nema ɗaya ne. Ka aika wa kamfani biyu ko uku takarda iri ɗaya sak, in ba haka ba farashin da za su dawo da shi ba zai gwadu da juna ba.

Karanta abin da suka dawo da shi

Ido yakan fara sauka a kan kuɗin da za a biya. Ka bar shi zuwa ƙarshe, ka fara da wa'adin gano asara. Takardar za ta ce dole a gano satar cikin wata kaza bayan ma'aikacin ya bar aiki ko bayan inshorar ta ƙare, duk wanda ya riga zuwa. Wani kamfani zai ba da wata shida, wani goma sha biyu, wani fiye. Idan bincikenka na gaske sau ɗaya ake yinsa a shekara, gajeren wa'adi zai iya ƙarewa kafin odita ya buɗe littafi. Ka kuma tambayi daga wace rana ake fara lissafin satar da za a biya, domin wadda aka yi kafin inshorar ta fara yawanci ba ta ciki ko da yau aka gano ta.

Sai kason da za ka ɗauka da kanka a kowace asara. A ce mai mota ya cinye naira miliyan 4, iyakarsa miliyan 5 ce, kuma takardar ta ce kai za ka ɗauki kashi 10 cikin ɗari. Za a fara cire abin da yake binka, albashi ko la'ada da ba a biya shi ba, a ce dubu 300, saura miliyan 3 da dubu 700. A cire kashi 10, wato dubu 370. Abin da zai zo hannunka miliyan 3 da dubu 330 ne. Ka yi irin wannan lissafin da kowace takardar farashi, da adadin asarar da ka taɓa yi, sai ka ga wadda ta fi arha a zahiri.

Ka duba ko kuɗin oditan da zai tono girman asarar yana ciki, domin kai ne za ka tabbatar da adadin da takardu, kuma aikin ba na kyauta ba ne. Ka duba kwana nawa aka ba ka ka sanar da su bayan ganowa. Ka duba sharaɗin kai rahoto ga 'yan sanda, ka kuma yi wa kanka gaskiya a kansa: idan ɗan ƙanwarka ne, za ka iya? Kamfanin inshora da ya biya ka yana da haƙƙin bin ma'aikacin ya ƙwato kuɗinsa, don haka sulhun da dattawa za su yi a zaure ka yafe saura ba tare da izininsa ba zai iya ɓata maka diyyar. Wannan sharaɗin Alhaji ya fi daɗewa yana kallo.

Idan ka amince da farashi, ka sani a Najeriya inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, takardar farashi kaɗai ba ta rufe komai. Ka biya ta asusun kamfani, ka karɓi rasit da cikakkiyar takardar yarjejeniya, ka gwada jadawalinta da wanda ka aika layi bayan layi. Ka ajiye kwafin fom ɗin da ka sa wa hannu a inda za ka riƙa ganinsa. Ranar da ka buɗe sabon reshe, ko ka ƙara masu mota, ko mataimakin akanta ya bar aiki aka rasa mai zuwa Zariya, ka rubuta wa kamfanin inshora a makon, ka nemi su amsa a rubuce.